Rajistar hannu zuwa kwamfuta: kafin ku kashe kuɗi, ku karanta wannan

"Ina da ƙaramar makarantar firamare, aji shida. Ina son in mayar da rajistar kiran suna cikin Excel in san wa ke zuwa wa ke fashi. Wani yaro ya ce in sayi sikana, wai ita za ta karanta komai. In saya?" Wata malama daga Kano.

Malama kar ki saya, ajiye kuɗinki. Sikana hoto kawai take ɗauka, kuma wayar da ke hannunki ma za ta yi miki wannan in kin shimfiɗa littafin bakin taga da hasken rana. Manhajar da ake haɗawa da ita haruffan bugu aka yi ta ta gane, su kuwa alamomin rajistarmu ai kin san su, sanda ɗaya da safe, wata da rana su haɗu kamar bakin tsuntsu, wanda bai zo ba a zagaye masa sifili. Ga biro ya tsallaka gidan da ke ƙasa, ga ninkin tsakiyar littafi ya cinye ranar Laraba. Manhajar sai ta ɗauki sandar a matsayin lamba 1, ko ta haɗa ta da layin teburin ta share gaba ɗaya. Aji mai yara 45, kwana 60, safe da rana, alama 5,400 kenan, kuma ko wace na'ura kika saya sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya duba. To gara tun farko mutum biyu su zauna, ɗaya na karantawa da rula a ƙarƙashin sunan yaro, ɗaya na bugawa.

Amma abin da ya fi damuna ba sikanar ba ne, dash ne, wannan ɗan gajeren layin da ake ja a kwance. Kullum ina faɗa, mutane sai su kashe kuɗi kan kayan aiki amma ba za su ba da minti goma su tambayi malamin aji me yake nufi da alamarsa ba. Wani malamin dash a wajensa yaro bai zo ba ne. Wani kuwa yana ja ne a kwanakin da ba a riga an kawo yaron makarantar ba, ko bayan an cire shi, wani ranar hutun Maulidi yake jan sa daga sama har ƙasa. Gidan da aka bari fayau shi ma haka, sau da yawa malamin ne bai kira suna ba ranar, yaran suna zaune a aji. Duk wanda ya tattara waɗannan ya buga su a matsayin fashi ya ɗora wa yara laifin da ba su yi ba, kuma da zarar abin ya fito daga firinta a tsare kowa yarda yake da shi, ba mai komawa littafi.

Ɗauki yaron da aka kawo a mako na huɗu cikin zango mai mako 12. Makonni ukun farko dash ne a layinsa, gida 30. Sauran gida 90 ya zo 81, wato kashi 90 cikin ɗari, yaro mai ƙoƙari. In aka lissafa dash ɗin nan a fashi ya koma 81 cikin 120, kashi 67 da rabi. Sai ki kira uban yaro kina masa faɗa a kan abin da bai faru ba.

Don haka kafin a taɓa kwamfuta, kowane malami ya rubuta miki a takarda ma'anar kowace alama tasa. Sannan a buga haruffa huɗu kacal: Z ya zo, B bai zo ba, H hutu ko ba ya cikin ajin lokacin, T akwai tambaya. Kar a buga sandar kanta, a Excel in kin fara da `/` menu yake buɗewa, in kin fara da `-` kika matsa kibiya sai ya ɗauka fomula kike haɗawa. Alamar `?` ma a guje ta, don COUNTIF, fomular ƙirga da za mu yi amfani da ita, yana ɗaukar ta a matsayin kowane harafi ɗaya, sai ya ƙirga miki komai. Ki sa Data Validation ya hana shigar da wani abu ban da huɗun nan. In sunaye suna kolum A, mako ɗaya ya ɗauki kolum B zuwa K, to L da M da N su zama:

```
=COUNTIF(B2:K2,"Z")
=COUNTIF(B2:K2,"B")
=IF(L2+M2=0,"",L2/(L2+M2))
```

H da T ba su shiga rabon ba, shi ne amfaninsu. Sannan ai malamai suna rubuta jimillar waɗanda suka zo a ƙasan kowace rana, ki sa `=COUNTIF(B2:B46,"Z")` a ƙasan naki ki gwada. In littafi ya ce 41 naki ya ce 40, ki tsaya nan ki nemo ɗayan kafin ki wuce, yawanci ido ne ya zame layi ɗaya tsakanin yara biyu masu suna iri ɗaya.

"Na ga tallar wata manhaja a waya, ka ɗau hoton rajista ta mayar maka Excel nan take, ana biya duk wata. Ya ka gani?" Wani sakatare daga Zariya.

Ɗauki shafinka mafi muni, mai goge-goge, ka gwada a na kyauta ka ƙirga kuskuren da kanka. In ba su yarda a gwada ba sai an sa lambar kati, rabu da su. Ka kuma tuna sunayen 'ya'yan mutane kake turawa wajen wanda ba ka sani ba.

"Ni ce ke haɗa rajistar ma'aikata, sa hannu suke yi da harufan farkon sunansu, kuma da ita ake cire wa mutum kuɗi a albashi. Wasu sa hannun ba na gane su, wallahi har bacci ba na yi don tsoron haƙƙin wani." Wata 'yar'uwa daga Maraɗi.

Ƙanwata kwantar da hankalinki, wannan tsoron naki shi ne daidai, Allah ya saka miki. Ba sai kin iya karanta sa hannun ba, abin da za ki duba shi ne gidan wa yake ciki. Ki samu takarda ɗaya kowa ya yi sa hannunsa sau uku kusa da cikakken sunansa, ki ajiye ta gefenki, don a ofis ɗaya za ki samu A.M. uku. Inda sa hannu ya hau kan layi tsakanin mutum biyu, ko kika ga gida biyar a jere da biro ɗaya da hannu ɗaya kamar mutum guda ya cike wa abokansa, ki sa T ki rubuta lambar shafi a gefe. Ba ke za ki yanke ba. Ki kai wa shugabanki jerin T ɗin kafin a rufe lissafin wata, ya kira masu su, abin da ya yanke ya sa hannu a kai. Littafin kuma a kulle shi a kabad, kar a yar don an buga.

"In na buga wa kowa Z sannan in gyara waɗanda na tuna ba su zo ba, ai ya fi sauri ko?" Wani daga Gusau.

Haba malam, waɗanda ka tuna? Cike Z ɗin ba laifi in yawanci suna zuwa, amma gyaran daga littafi za ka yi shi, layi-layi da rula, kuma ka gwada jimillar kowace rana da ta malamin aji.