Hukuncin yin allurar botoks a tsokar muƙamuƙi don rage faɗin fuska

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni budurwa ce mai shekara 27. Ƙasan fuskata yana da faɗi, kusurwoyin muƙamuƙina sun fito sosai, kuma na dama ya fi na hagu tudu. Ƙanwata da muke kwana ɗaki ɗaya ta ce ina gurza haƙora cikin barci har ƙarar tana tashinta, kuma nakan farka da ciwon kai da nauyin baki. An ba ni shawarar in yi allurar botoks a wurin, wai fuskar za ta sirance. Saura wata biyu bikina. Shin ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, tambayarki ta ƙunshi abu biyu da kika haɗa wuri ɗaya, wato ciwo da kike fama da shi da kuma siffar da kike son canzawa, kuma hukuncin ɗaya ba shi ne na ɗayan ba. Tunda malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa, zan fara da bayanin abin da allurar take yi.

Ki ɗora yatsunki a gefen fuska, tsakanin ƙasan kunne da kusurwar muƙamuƙi, sannan ki cije turamenki da ƙarfi. Abin da za ki ji ya kumburo ya yi tauri a ƙarƙashin yatsun ita ce tsokar tauna, wadda likitoci ke kira masita. Kamar kowace tsoka, tana ƙara kauri idan aiki ya yi mata yawa, shi ya sa take girma ga mai gurza haƙora da dare, da mai yawan cin cingam, takan kuma fi girma a gefen da mutum ya saba tauna da shi. Botoks kuwa dafi ne da wata ƙwayar cuta mai suna Kulostiridiyum botulinum take fitarwa, an tace shi ana amfani da ɗan mitsitsi daga cikinsa. Aikinsa shi ne tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka cewa ta motsa. Idan tsokar ta yi makonni ba ta aiki da cikakken ƙarfinta sai ta rame, kamar yadda hannu ke ramewa bayan an cire masa ɗori, wannan ramewar ce ake gani a matsayin sirancewar fuska.

Daga nan za ki gane iyakar abin. Allurar ba ta taɓa ƙashi, ba ta kuma narkar da kitse. Wadda faɗin fuskarta daga ƙashin muƙamuƙi yake, wato gadon gida, ko daga ƙibar kumatu, za ta biya kuɗi ne kawai ba ta ga canjin kirki ba. Idan kin cije haƙora ba ki ji wani tudu ya taso ba, to da wuya tsoka ce matsalar.

Yawanci ana zuba yunit 20 zuwa 30 a kowane gefe, a raba su wuri uku a ƙasan tsokar, kuma aikin ba ya wuce 'yan mintoci. Ƙarfin cizo yana fara raguwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma ido ba ya ganin canjin fuska sai bayan mako huɗu zuwa shida, kuma ba ya kai maƙurarsa sai wajen wata uku. Bayan wata huɗu zuwa shida tsokar tana dawo da ƙarfinta, sannu a hankali kaurin ma ya dawo, sai an sake yin wata. Canjin kuma ba mai yawa ba ne: kusurwar ce take laushi, ba sabuwar fuska ake samu ba.

Illolin da aka fi gani su ne ɗan kumburi ko taruwar jini a wurin, da gajiyar baki wajen tauna abu mai tauri irin su kilishi, ganda, rake ko busasshiyar aya. Waɗannan masu sauƙi ne. Wanda ya fi damun mutane shi ne idan aka yi allurar ta matso gaba da yawa, maganin ya kai ga siririyar tsokar da ke jan gefen baki yayin murmushi, sai murmushin ya karkace, gefe ɗaya ya buɗe ɗayan ya ƙi. Babu wata allura da ke warware wannan nan take, sai dai a jira makonni ko watanni har ƙarfin maganin ya ƙare. Akwai kuma wadda in ta cije sai wani sashe na tsokar ya ɓullo kamar ƙululu, saboda maganin ya kama wani sashe ya bar wani. Idan aka yi ta sama da yawa kunci yakan faɗa, idan ta taɓa wurin da ke samar da yawu a gaban kunne, wato inda ke kumbura in an yi hangum, baki yakan bushe, sannan ga masu manyan shekaru fatar wurin takan saki ta rataya domin abin da ke tallafe da ita ya ragu. Likitoci suna kuma tattauna yiwuwar raguwar ƙwarin ƙashin muƙamuƙi ga wanda ya ɗauki shekaru yana maimaita ta. Mafi haɗari, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, shi ne maganin ya bazu a jiki ya kawo wahalar haɗiya ko numfashi ko faɗuwar fatar ido, kuma duk wanda ya ga haka asibiti ya kamata ya nufa ba tare da jinkiri ba. A shekarar 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun ba da rahoton mutanen da aka kwantar a asibiti bayan an yi musu allurar jabu ko an yi musu a hannun waɗanda ba su da lasisi.

To, yanzu ga hukunci. Asalin hani a wannan babi shi ne aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda Allah ya ba da labarin alwashin Shaiɗan cewa zai umurci mutane su canza halittar Allah, da hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, na la'antar masu yin zane a fata da masu tsige gashin gira da masu yin wushirya don ƙawa, masu canza halittar Allah. Imamun Nawawi ya yi nuni da cewa kalmar "don ƙawa" tana nuna cewa idan an yi don magani ko don wani aibi a haƙori, babu laifi. Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinariya. A kan wannan rarrabewa ce Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta gina matsayarta a zamanta na 18 a Malesiya a shekarar 2007: ta halatta gyaran aibi da mayar da gaɓa ga siffarta ko aikinta na asali, ta hana canza lafiyayyar siffa don bin son zuciya ko kwaikwayon wasu, ta kuma ambaci canza fasalin fuska a cikin misalan abin da ta hana.

Idan muka ɗora halinki a kan wannan ma'auni, gurza haƙora da ke jawo ciwon kai da nauyin baki, wanda kan cinye haƙora idan ya daɗe, ciwo ne da ake nema wa magani, kuma tsokar da ta kumbura a gefe ɗaya saboda shi ta fita daga yanayinta na asali. Saboda haka idan likitan haƙori ko na fata ya duba ki ya tabbatar da haka, allurar ta halatta gare ki, kuma sirancewar fuskar da za ta biyo baya ba ta ɓata halaccin ba, ko da kin yi farin ciki da ita. Sai dai ina ganin ya dace ki fara da abin da ya fi sauƙi, wato robar da likitan haƙori ke aunawa a sa a baki lokacin barci, da barin cingam, da rage shayi mai ƙarfi da kofi da dare, domin ba a tsallake magani mara haɗari a tafi ga mai haɗari sai da dalili.

Amma wadda ba ta da ciwo, tsokarta lafiya lau, kawai dai fuskar da ake yayi take so, a nan malaman zamani sun saɓa. Masu sauƙaƙawa sun kafa hujja da maganar Imamu Ƙurɗubi a tafsirin ayar da ta gabata, cewa hanin ya shafi abin da ke dawwama ne, amma abin da ke gushewa kamar kwalli malamai sun halatta shi, kuma botoks yana gushewa. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Duk da haka abin da ya rinjaya a wurina shi ne barinta, saboda kwalli a saman jiki yake, ana wanke shi da ruwa, alhali wannan raunana lafiyayyar gaɓa ce da ake ci da ita ana magana da ita. Sannan gashin gira ma yana sake tsirowa, amma hakan bai hana hadisi ya ambace shi ba, kuma wadda ke maimaita allura duk bayan wata biyar ta mayar da mai gushewa mai dawwama. Fuska mai kusurwa kuwa ba aibi ba ce a shari'a ko a likitance. Yayin siririn muƙamuƙi a Gabashin Asiya ya yi ƙarfi, musamman Koriya ta Kudu, kafin hotunan waya su yaɗa shi.

Inda ya halatta, akwai sharuɗɗa. Mai yin allurar ya zama likita ne da ya san tsokokin fuska, ba mai shagon kwalliya ba, kuma mace ce ta fi dacewa idan an samu. Ki nemi a nuna miki kwalbar da lambar rajistarta da ranar ƙarewar wa'adinta, ki tambayi yadda ake ajiye ta, domin magani ne da ke zama a firji. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, ko mai cutar raunin tsoka irin mayasteniya, ko mai ƙurji a wurin, kuma wanda ake yi wa allurar jentamaisin ya sanar da likita domin tana ƙara wa dafin ƙarfi. A cikin kwalba mai yunit 100 akwai rabin miligiram na sinadarin albumin da aka tace daga jinin ɗan'adam, wannan kuma abu ne da ake yafewa a babin magani, kamar yadda aka halatta ƙarin jini ga mai buƙata. Allurar ba ta hana ruwan alwala isa ga fata, ba ta kuma karya azumi tunda a tsoka ake yin ta kuma ba ta ciyarwa.

Game da bikinki, shawarata ita ce ki dakata har ya wuce. Wata biyu ba su kai lokacin da sakamakon ke cika ba, amma sun isa a ce murmushi ya karkace bai koma daidai ba ranar ɗaurin aure da kamu. Bayan haka, idan kika tare sannan buƙatar ta ci gaba, ki sanar da maigidanki, ki kuma tabbatar ba ki da juna biyu kafin kowace allura. Idan kuwa likita ya ga ciwon ba zai jira ba har aka yi ta kafin aure, ki gaya wa wanda zai aure ki cewa magani kike yi kuma siffar tana iya komawa yadda take bayan 'yan watanni, don kada abin ya shiga babin ɓoye gaskiya ga mai neman aure.

Allah ne mafi sani.