Na Gyara Rawar Bidiyo, Hoton Kuma Ya Lanƙwashe

"Na ɗauki ɗana yana tatata, waya a hannu ina bin sa. Da na sa Warp Stabilizer a Premiere Pro sai hoton ya matso, ƙafafunsa suka fita, bango kuma yana lanƙwasa. Na ɓata shi ke nan? In sayi wata manhajar?"

Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, asalin bidiyon yana nan lafiya. Kuɗinki kuma ki riƙe abinki.

Manhajar tana bin wasu ɗigo a cikin hoton ne. In hannunki ya kauce dama, sai ta tura hoton hagu, gefe ya bar baƙin fili. Don ta ɓoye filin take yanke gefuna ta faɗaɗa sauran. A ce bidiyon 1920 ne a 1080, girgizar kuma ta kai fiksel 96 kowane gefe. Faɗin da zai rage 1728 ne, dole a ja shi zuwa kusan kashi 111 cikin ɗari kafin ya cika allo. Nan ƙafafun yaron suka tafi. Tuntuɓe ɗaya mai ƙarfi yakan jawo wa duk bidiyon wannan yanka, don haka ki fara datse wurin, sannan ki gyara guntayen daban-daban.

Lanƙwasar kuwa, yawancin wayoyi layi-layi suke karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa bango ke karkacewa in hannu ya fizga. Ga shi kina tafiya, abin da ke kusa yana wucewa da sauri fiye da na nesa. Tsarin Subspace Warp da ke cikin Warp Stabilizer yana jan kowane sashe daban don ya daidaita su, sai bango ya koma kamar roba. Ki mayar da Method zuwa Position, Scale, Rotation, ki sauke Smoothness daga 50 zuwa wajen 10. Ki zuba wa ƙyauren ƙofa ido: in ya tsaya a miƙe, kin dace. 'Yar rawar da ta rage ki bar ta, ba ta hana kallo.

Wani kuma ya tambaya: "Wace manhajar kuɗi ce ke gyarawa ba yanka ko kaɗan?"

Haba malam! Abin da kyamara ba ta ɗauka ba, daga ina za a samo shi? Iyakar manhaja ta ciko gefen daga hotunan gaba da na baya, kamar yadda zaɓin Synthesize Edges na Warp Stabilizer ke yi, kuma da mutum ya gifta ta wurin za ka ga dameji. Yana ba ni takaici yadda ake biyan kuɗin wata-wata saboda tallar "kafin da bayan" da aka zaɓo mai sauƙin gyara. Bidiyon da aka ɗauka a duhu, dishi-dishin girgiza ya riga ya zauna a cikinsa, ko an tsayar da shi sai ya riƙa ɓurɓushewa lokaci-lokaci. Ka gwada manhajar DaVinci Resolve ta kyauta tukuna. Gaba kuma ka ja baya kaɗan ka bar fili a gefuna, ka riƙe wayar da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari.