Yadda ake tuna wa aboki bashi a saƙon waya

Tambaya daga Tawa: Malam, na ranta wa abokina jika 50 kafin sallar layya, ya ce zai biya bayan wata biyu, ga shi har yau shiru. A Kumasi ya tashi, ya fi gane rubutun Ingilishi. Yaya zan tuna masa a saƙo, da Hausa da Ingilishi, ba tare da zumunci ya ɓaci ba?

Amsa: Fara da zaɓen kalma. "Bashi" tana da nauyi, domin da ka rubuta "ina bin ka bashi" ka zama mai bi, shi kuma abin bi. "Rance" ta fi taushi, tana tuna masa taimakon da ya shiga tsakaninku. "Aro" kuwa an fi yin ta ga abin da za a mayar da shi kansa, kamar babur ko tsani. Ga yadda zan rubuta:

"Salamu alaikum ɗan'uwa, ya gida ya yara? Dama maganar jika 50 ɗin nan ce da na ranta maka kafin layya. Wata buƙata ta taso mini, ko zai yiwu in samu kafin ƙarshen wata? In duka ba za su samu ba, ko rabi ne ka fara turowa. Allah ya rufa mana asiri."

Dubi aikin da "dama" take yi. Tana nuna ba sabuwar magana ka tono ba. Amma kada kunya ta sa ka ɓoye adadi da lokaci. Wanda ya rubuta "ya maganarmu?" kawai, "in sha Allahu" zai samu, a sake wata biyu.

Da Ingilishi kuma:

"Hello brother, hope the family is well. About the 50,000 CFA I lent you before Tabaski: something has come up on my side. Could you send it by the end of the month? Even half would help for now."

Ka rubuta adadin da lambobi, don kada "jika" ta rikice masa. Kalmar bayarwa ita ce "lent". In ka sa "borrowed", ka ce kai ka ci bashin. Ka guji "you owe me", daidai take da "ina bin ka".

Karin magana kuwa, a saƙon farko na fi son a bar shi. "Alkawari kaya ne" gaskiya ce, amma a fuskar waya babu murmushin da zai sassauta ta, gori za ta zama. "Bashi hanji ne, yana cikin kowa" ajiye ta sai ya amsa yana ba da haƙuri cikin jin kunya, a nan take sanyaya zuciya. In ya nuna maka yana cikin ƙunci na gaske, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta masa zuwa sauƙi. Sai ku tsayar da sabuwar rana tare, ku rubuta ta a saƙon, ko jika 10 ne duk wata.