Juya mahaifa da yanke hanyar maniyyi: amsar Gwaggo

"Gwaggo, barka da hutawa. Maiɗakina za a yi mata tiyatar haihuwa ta huɗu wata mai zuwa, likita kuma ya ce wani cikin bayan wannan zai iya zama ajalinta. Ya ce ko a juya mata mahaifa, ko ni a yi mini aikin maza. A al'adarmu ban taɓa jin an yi wa namiji ba, sai mace. Shin na maza ba dandaƙa ba ce? Kuma wanne ake iya kwancewa in mun sake shawara?"

Ɗana, na ji daɗi da ka kawo mini wannan magana tun kafin ranar aiki, domin a shekarun da na yi ina ungozoma a asibiti, yawancin maza sai an shiga da matar ɗakin tiyata ake miƙo musu takarda su sa hannu a tsaye.

Al'adar da muka gada ta tazara ce. Mace ta tafi wankan jego gidan iyayenta, ta yi goyo shekara biyu kafin yaye, wadda ta yi kwanika kuwa a yi ta yi mata surutu. Rufe haihuwa gaba ɗaya baƙon abu ne da ya zo tare da asibiti, kuma ya faɗa kan mata ne saboda su ke kwance a gadon tiyata, ba don wani hukunci da kakanninmu suka yanke ba. A ɓangaren addini, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta halatta tazara da yardar miji da mata, ta haramta kashe haihuwa dindindin sai in akwai larura. Don haka ka karɓi bayanin likita a rubuce ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, shi ne zai gaya maka ko halin matarka ya kai larura.

Kalmar "juya mahaifa" ita ce ta fi cutar da mutanenmu, domin duk wanda ya ji ta sai ya ɗauka kamar ƙwarya ce aka kife, ran da aka so a ɗaga. Mahaifa ba a taɓa ta. Akwai bututu biyu, dama da hagu, da ƙwan mace ke bi zuwa mahaifa, su ne likita ke ɗaurewa ya yanke wani yanki, ko ya ƙona, ko ya matse da ɗan maƙali, wasu likitocin ma yanzu cire bututun suke yi ɗungurungum. Na taɓa karɓar wata mata daga ƙauye wadda aka yi wa aikin bayan haihuwarta ta uku, sai ƙyanda ta ɗauke mata yara biyu a damina ɗaya. Ta zo da tsohon katinta a ƙulle cikin leda, ta ce mu juyo mata da mahaifar. Da likita ya duba bayanin aikin, sai ya ga abin da ya rage na bututun bai isa a haɗa ba. Har yau ina tuna yadda ta naɗe katin ta mayar cikin ledar ba ta ce uffan ba.

Aikin maza kuwa ba dandaƙa ba ne. Dandaƙa lalata 'ya'yan maraina ce, kuma su ne ke samar da sinadarin da ke ba namiji gemu da murya da sha'awa. A wannan aikin ba a taɓa su. Ana yin allurar kashe zafi a fatar maraina, a huda ƙaramar kafa, a zaro siririyar jijiyar da ƙwayoyin haihuwa ke bi, a yanke ta a toshe bakinta, dama da hagu. Cikin minti 15 zuwa 30 an gama, mutum ya tafi gida da ƙafarsa. Sinadarin maza ta jini yake bi, saboda haka ƙarfi da sha'awa suna nan yadda suke, maniyyi ma yana fita kamar da, domin ƙwayoyin haihuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 na ruwan ba. Sai dai mutum 1 zuwa 2 cikin 100 kan yi fama da ciwon maraina mai daɗewa. Abin da aka fi yin kuskure a kai shi ne, aikin ba ya kamawa nan take, domin akwai ragowar ƙwayoyi a gaban inda aka yanke. Sai an yi wata uku ana amfani da wata hanyar, an kai maniyyi an gwada an ga babu ƙwaya, sannan a saki jiki. Wanda ya tsallake gwajin nan, ciki ya shiga, sai ka ji an fara zargin baiwar Allah da abin da ba ta yi ba. Bayan gwaji ya tabbata, kuskuren aikin bai wuce 1 cikin 2,000 ba.

Na mata yana kamawa tun ranar da aka yi, kuma ba ya tsayar da jinin al'ada, ba ya sa ƙiba, tun da ma'ajiyar ƙwai tana nan tana aikinta. Amma wani babban bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa cikin shekara 10, kusan mata 2 cikin 100 sun yi ciki duk da aikin, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na irin wannan ciki a cikin bututu yake zama, a wajen mahaifa. Saboda haka in an yi mata, ta ga ɓatan wata tare da ciwon mara a gefe ɗaya ko ɗigon jini ko jiri, ku tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Maganar kwancewa, dukansu biyu ana gwadawa, amma aiki ne na ɗinki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, mai tsada, kuma masu iya shi kaɗan ne a ƙasar nan. A ɓangaren maza, lokaci ne ke yanke hukunci. Wani bincike da aka wallafa a 1991 ya nuna cewa in an sake haɗa jijiyar kafin shekara 3, an sami ciki a kashi 76 cikin 100, tsakanin shekara 3 zuwa 8 ya sauka zuwa 53, bayan shekara 15 kuwa 30 kacal. Wannan fa a hannun ƙwararru ne. A ɓangaren mata, abin ya danganta da shekarunta da irin aikin da aka yi da tsawon abin da ya rage, domin in bai kai kamar santimita 4 ba, da wuya a dace. In an cire bututun gaba ɗaya, babu abin haɗawa, sai dai a haɗa ƙwai a ɗakin gwaji a dasa mata, wanda kuɗinsa miliyoyi ne kuma ba kullum yake kamawa ba.

Ga ra'ayina game da gidanka. Da a ce lafiyarta ƙalau ba za a buɗe cikinta ba, da na ce na maza ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin na mata sai an shiga cikin ciki. To amma ita za a buɗe ta ko ta yaya, ƙarin 'yan mintuna ne a kan aikin haihuwar, kuma haɗarin a jikinta yake: mahaifar da aka yanka sau huɗu tana iya fashewa, mabiyiya kuma tana iya manne wa tabon ta jawo zubar jinin da ba ya tsayawa. Kai kuwa ba ka kai arba'in ba, kuma ba ka san abin da Allah zai hukunta na rasuwa ko ƙarin aure ba. Ita ma haka take, shi ya sa ba kai za ka yanke mata ba. A binciken nan na Amurka, mace 1 cikin 5 da aka yi wa aikin tana shekara 30 ko ƙasa da haka ta dawo tana nadama. Ka bar ta ta gana da likita ita kaɗai tun yanzu, a tambaye ta ko za ta tsaya a kan shawarar ko da jaririn bai zo da rai ba. In zuciyarta tana rawa, akwai robar da ake sa wa a mahaifa mai kai shekara 10, da wadda ake sa wa a damtse mai shekara 3 zuwa 5, dukansu suna kariya sosai kuma ana cire su ran da aka so. In kuma ta amince da aikin, ku roƙi likita ya rubuta muku a kati irin wanda ya yi, ɗauri ne ko cirewa, ku adana. Ka gaishe mini da ita, ka ce ina nan tafe kafin ranar.