Muryar da aka turo a gurup kan bidiyon bikin da ya dushe a salula

Tambaya: "Yaya, na gama montajin wani biki, a ordinatar tas yake, amma da na tura wa mai biki a salula sai ya yi hazo, shaddar amarya ma ta koɗe. Ordinatar ɗin ne ko mi?"

Salamu alaikum ƴan gurup. Ƙanena, ka bar ordinatar ɗinka ya huta, ba shi da laifi. Na san ta WhatsApp ka tura shi kai tsaye, ko ba haka ba? To nan ne hazon ya shiga. Ka je ka duba nauyin abin da ka fitar, ka duba na wanda ya isa hannun mai biki. Bidiyon minti 3 a 1080p, in ka sa bitiret 10 Mbps, wajen mega 225 zai yi. Wanda ya sauka a salularsa ƙila ko mega 30 bai kai ba. Sauran duk an matse an zubar, don ya bi rezo da sauri. Kuma matsewar nan ba ko'ina take nunawa ba. Inda amarya ke zaune shiru za ka ga da dama-dama. Amma bari a shiga filin rawa da dare, ana liƙi, ƙura na tashi, fitila na walƙiya a jikin shadda, sai ka ga fuskoki sun farfashe gida-gida. Motsi da duhu su ke cin bitiret.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka sake tura masa, amma ka danna Document, har jiga 2 yake ɗauka kuma ba ya taɓa fayil. Ko ka zuba masa ta wayar USB daga ordinatar, ya buɗe a galari. In ya fito tas, magana ta ƙare. Maɓallin HD ɗin nan yana rage ɓarnar, amma matsewa dai yake yi. Istatus kam kada ma ka auna aikinka da shi.

To kala kuma... a'a, tsaya, na ce ordinatar ba shi da laifi, amma a nan wataƙila da hannunka ciki. Ka haɗa da bidiyon da ƙawayen amarya suka ɗauka da iPhone? Tun daga iPhone 12 suna ɗauka da HDR, shi kuwa ma'aunin kalarsa daban, BT.2020 ne, kamerarka kuma Rec.709 take bayarwa. In ka fara jefa na iPhone ɗin a montaji, wani lojisiyel sai ya mai da aikin duka HDR. Gilashinka ya nuna maka da kyau, amma ƙaramar salular da ba ta iya karanta shi ba sai ta nuna shi fari-fari, kamar an wanke shi da omo.

Ni wannan abin ya taɓa ci mini kuɗi, har yau raina na ɓaci in na tuna. Wani biki nan Tawa, kwana uku ina bin su da kamera cikin rana, amarya ta sa shadda shuɗiya mai ƙyalli, lallenta ja wur. Na kai aiki, uwar amarya ta buɗe a salularta, ta ce, "Ɗana, wannan ba ɗiyata ba ce, ka mai da ta kamar mai jinya." Shuɗin ya koma toka-toka, lallen ya zama ruwan ƙasa. Jika ashirin da suka rage mini aka riƙe. Na nuna mata a ordinatar, ta ce ita ba da ordinatar za ta zaga dangi ba. Kuma gaskiyarta ce fa, amma ai da sun ba ni kwana ɗaya na gyara. Ba su ba ni ba, wani suka kai wa. Kwana uku cikin rana! To, a bar wannan.

Abin da za ka yi: ka buɗe fayil ɗin da MediaInfo, lojisiyel ne mai nuna bayanan bidiyo, kyauta ne. In ka ga BT.2020 ko HLG, to shi ne. Ka koma ka sa aikin a Rec.709, ka bar lojisiyel ya juya na iPhone ɗin zuwa can, in akwai wurin HDR a fitarwa ka kashe shi, ka fitar da H.264. Gobe in za a ɗaukar maka da iPhone, a shiga Réglages, Appareil photo, Enregistrement vidéo, a kashe Vidéo HDR tun kafin a fara.

In kuma ka ga BT.709 ne, wato Rec.709 ɗin nan, to karɓi salular mai bikin ka duba da kanka. Da yawa sun kunna abin kare ido, komai ya yi rawaya, ko sun rage haske don caji. A gwada a salula biyu ko uku tukuna. Turo mini abin da MediaInfo ya nuna, da sunan salularsa, in na fito sallar la'asar zan duba.