Saƙon da bai karantu ba, kada a ƙirƙira masa ma'ana

Tambaya: Ni ke riƙe wayar shagon takin zamani na maigidana a Sabon Gari, Zariya. Wani ya turo "tk 5 ujjj gb hhh". Na amsa masa cewa buhu 5 na yuriya na nan, za a kai gobe. Alhaji ya yi min faɗa sosai. Ina laifina?

Amsa: Ɗan'uwa, Alhaji na da gaskiya. Oda a shago irin naku tana tsayawa ne a kan abu uku: wane kaya, nawa, ina za a kai. A saƙon nan lamba 5 kaɗai ce tabbatacciya, ita ma ba ta ce buhu ko mudu ba. Yuriya daga kanka ta fito, goben ma haka.

A ce mutumin manomin masara ne a Shika da bai daɗe da shuka ba. Abin da yake bukata a lokacin NPK 15-15-15 ne. Yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin 100, sai masara ta yi kamar mako 4 zuwa 6 ake zuba ta. Ka ɗora masa buhu 5 masu kilo 50, kilo 250 ke nan, an biya mai Keke Napep zuwa, za a kuma biya shi dawowa. Wannan mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar ita ce amsarka ta yi kama da cikakkiya. Da ka yi shiru, zai kira. Da ya ga "za a kai gobe" kuwa, sai ya saki jiki, kai ma ka rubuta a littafi, babu wanda zai sake dubawa sai kaya sun isa gona.

Wataƙila ma babu odar. Harafi ɗaya da ya maimaitu, kamar jjj da hhh, waɗanda maƙwabta ne a kan allon rubutu, alama ce ta waya ta dannu a aljihu ko yaro ya ɗauka. Idan kuma alamar tambaya ko ƙananan akwatuna ka gani a tsakiyar kalma, yawanci ƙ, ɗ ko ɓ ne wayar ta kasa nunawa. Irin wannan mai akwatuna saƙo ne na gaske, ana iya gane shi.

Ga yadda za ka amsa: "Ranka ya daɗe, saƙonka ya iso amma bai karantu ba, 5 kawai na gane. Wane taki kake so, buhu nawa, a kai ina?" Hasashe ba laifi ba ne idan ya fito a matsayin tambaya: "Yuriya kake nufi?" In ya sake turo shirme, ka ce ya yi saƙon murya ko ka kira shi. Kafin ya tabbatar da bakinsa, kada ka rubuta komai a littafi, kada ka ware buhu ko ɗaya.