Kwatanta wutar lantarki da ruwa a jawabin minti 3

"Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni minti 3 in bayyana dokar Ohm ga waɗanda ba su karanta kimiyya ba, kuma da misali ɗaya tak. Na zaɓi ruwa a cikin bututu, amma rubutun sai tsawo yake yi, ni kaina na fara rikicewa. Ta ina zan kama?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Misalinki mai kyau ne, amma wane irin ruwa kika sa a ciki? A nan na sha ƙasa lokacin da nake ɗalibi. Na kawo tanki a sama da famfo a ƙasa, na ce tsayin tankin shi ne boltej. Ina rufe baki wani ya ɗaga hannu ya ce, "To in na cire ƙwan fitila, wutar tsiyaya take yi a ƙasa?" Aka bushe da dariya, na rasa ta cewa. Kuma mutumin bai yi laifi ba, hoton da na ba shi ya bi.

Ki ajiye tankin. Ki ɗauki bututun da ya zagayo ya haɗe da kansa, cike taf da ruwa, da injin da ke tura ruwan yana zagayawa. Injin shi ne batir, ƙarfin turinsa shi ne boltej. Yawan ruwan da ke wuce wuri ɗaya a kowane sakan shi ne kwararar wuta, wadda ake aunawa da amfiya. Wurin da bututun ya tsuke shi ne turjiya, ana auna ta da om. Abu uku ke nan, kada ki ƙara na huɗu. Sunan da kika ba kowanne a farko ki riƙe shi har ƙarshe, domin in kika ce "ƙarfin turi" yanzu, an jima kika ce "ƙarfin wuta", mai sauraro zai zaci sabon abu kika shigo da shi.

Wannan zagayen yana kashe kuskuren da mutane suka fi yi, wato zaton wuta tana ƙarewa a cikin ƙwan fitila. Ruwan da ya shiga matsatsin shi ne ya fito, ko ɗigo bai ragu ba. Matsinsa ne ya faɗi. Haka in amfiya 2 ta shiga ƙwan, amfiya 2 ce za ta fito. Yana kuma amsa dalilin da fitila ke kamawa nan take, alhali a cikin wayar ƙwayoyin lantarkin ba sa cin ko milimita 1 a sakan. Bututun dama a cike yake, kina turawa a nan, can ya motsa.

Minti 3 kalma 350 ce zuwa 400 in ba gudu za ki yi ba. Ki fara da tambayar me ya sa fitila ke kamawa nan take, ki gina bututun, sai kusan minti na biyu ki kawo dokar kanta, V = I × R, wato boltej daidai yake da kwarara sau turjiya, bayan sun riga sun gan shi a zuci. Lissafi ɗaya ya isa. Batir mai bolt 12 da turjiyar om 6 za su ba da amfiya 2. Ki ninka turjiyar ta koma om 12, kwararar ta sauko amfiya 1. Ki bar ta a om 6 ki kai turin bolt 24, ta hau amfiya 4. Kafin ki faɗi kowace amsa ki ɗan dakata su cinka. In suka ce "za ta ragu da rabi" kafin ki faɗa, misalin ya zauna. In shiru kika ji, yawanci sun haɗe boltej da kwarara ne, sai ki koma kan injin. Tarihin cewa Georg Ohm ya buga dokar a 1827 kuwa, rabin jimla ya ishe shi.

Sakan 20 na ƙarshe ki faɗa da bakinki inda misalin ya karye. In aka yanke bututu ruwa zubewa yake yi, in aka yanke waya wuta tsayawa take yi cak, don iska ba ta ba ta hanya. Saboda haka ki kwatanta makunni da toshe bututun. Kada kuma ki ce rage faɗin bututu da rabi yana rage ruwa da rabi, ba haka lissafinsa yake ba. Ko a waya, rage kaurinta da rabi yana ninka turjiya sau huɗu ne. In kina son ninki mai sauƙi, yi da tsayi: waya mai tsayi biyu, turjiya biyu.

Kafin ranar, karanta wa wani a gida da agogo a hannu, sannan ki tambaye shi me zai faru in aka jera ƙwan fitila biyu iri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Amsar da kike nema ita ce matsatsi ya zama biyu, ruwa ya ragu, duka biyun su dushe.